Wayarka Ce Ke Saka Tsohon Faswod

Ka canza faswod ɗin imel jiya a kwamfutar ofis. Yau ka buɗe waya, gurbin ya cika da ɗigo-ɗigo da kansa, amma aka ƙi ka. Ma'ajiyar faswod ta Chrome ce ta saka tsohon, domin sabon bai shiga cikinta ba. Don Allah kada ka yi ta dannawa, wasu shafukan rufe asusu suke yi idan kuskure ya yawaita. Goge ɗigon, rubuta sabon da hannunka, idan aka nuno Update ka danna. In bai fito ba, shiga passwords.google.com, nemo shafin ka gyara. Wani lokaci za ka tarar an adana biyu, sai ka share tsohon.