Zawon 'yan maruƙa: dalilin shuka kashi a faranti iri biyu

Makiyaya kan tambaye ni me ya sa sakamakon kashin ɗan maraƙi mai zawo ke ɗaukar kwana uku ko huɗu. Dalili shi ne kashi cike yake da ƙwayoyin bakteriya iri-iri, yawancinsu ba su da laifi. Aikinmu a ɗakin gwaji shi ne mu tsamo mai laifin daga cikin taron, kuma da aga muke yin haka. Aga abinci ne mai kama da daskararren kunu, ana zuba shi a faranti ƙwayoyi su tsiro a kai.

Wani aga mai tankaɗe ne, yana hana wasu ƙwayoyi tsirowa. Wani mai bambancewa ne, yana ba kowace ƙwaya launinta. Farantin MacConkey yana yin duka biyun. Gishirin ɗaci irin na matsarmama da ke cikinsa yana danne ƙwayoyin da ba na hanji ba. Akwai kuma sukarin madara a ciki: ƙwayar da ta ci shi, kamar E. coli, takan fito ja-ja, wadda ba ta ci, kamar Salmonella, takan fito fari-fari.

A ce an kawo mini kashin ɗan maraƙi ɗan mako uku, mai zazzaɓi da zawo da jini. Salmonella nake zargi. In na tsaya ga MacConkey kaɗai, E. coli na iya mamaye farantin ta rufe ta. Saboda haka sai in fara sa kashin a ruwan selenit ya kwana, domin ruwan yana danne E. coli, Salmonella ta samu ta yawaita. Washegari in shafa shi a farantin XLD, in ajiye a zafin digiri 37 na awa 18 zuwa 24. A nan E. coli rawaya take fitowa, Salmonella kuma ja mai baƙin ɗigo a tsakiya.

Amma baƙin ɗigo bai isa hujja ba. Ƙwayar Proteus ma takan yi kamarsa, don haka sai an ƙara gwajin yuriya: Proteus takan sauya launin abincin gwajin, Salmonella ba ta sauyawa. Haka nan ganin E. coli bai nuna ita ce cutar ba, tunda tana cikin hanjin lafiyayyar dabba ma. Mun fi zarginta a maraƙin da bai wuce kwana huɗu da haihuwa ba.

Shi ya sa bayaninku ne ke zaɓa mana faranti. Ku faɗi shekarun dabbar, da ko akwai jini a kashin, da ko an ba ta magani. Ku bari a ɗebi kashi sabo daga dubura kafin a yi allurar oksitetrasaikilin, a sa shi cikin sanyi ya iso da wuri. Kafin sakamako ya fito, ku ware maraƙin, ku yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari, ku kuma wanke hannu da sabulu, domin Salmonella tana kama mutum.