Alƙaluman Da Suka Ɓace: Wasiƙar Sakatare Zuwa Ga Darakta

Duk wanda ya taɓa riƙe biro a zaman wata ƙungiya ya san yadda lamba ke suɓuce wa mai rubutu. Mutum yana magana, ya ambaci kuɗi da sauri, wani ya katse shi, shugaba ya ce a wuce gaba, sai mai rubutu ya duba takardarsa ya ga ya bar gurbi. A ƙungiyar unguwa ana iya cike gurbin da tunani, babu wanda zai damu. A zaman daraktocin kamfani abin ba haka yake ba, domin rubutaccen bayanin zaman, wanda ma'aikatan ofis ke kira minit, takarda ce da doka ta san da zamanta.

A Najeriya Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agusta na shekarar don ta maye gurbin ta 1990, ta wajabta wa kamfani ya ajiye bayanin abin da ya gudana a taron masu hannun jari da zaman daraktoci. Idan shugaban zaman, ko shugaban zaman da ya biyo baya, ya rattaba hannu a kan minit ɗin, ya zama hujja a matakin farko. Wato idan rigima ta kai kotu, za a ɗauka abin da ke rubuce shi ne ya faru, wanda ya ce ba haka ba ne shi zai kawo shaida. Banki ma, kafin ya ba kamfani bashi, yakan nemi kwafin ƙudurin daraktoci, kuma daga minit ake ciro shi. Masu binciken kuɗi na ƙarshen shekara su ma sukan nemi littafin su karanta.

Wanda wannan aiki ke wuyansa shi ne sakataren kamfani. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, ba mai buga takardu ko amsa waya ake nufi ba. Jami'i ne da daraktoci ke naɗawa, kuma a kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a doka ta fayyace irin wanda zai riƙe muƙamin, kamar lauya, ko ƙwararren akanta, ko ɗan ƙungiyar ƙwararrun sakatarori. Dokar 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa shi, amma ba ta ɗauke musu wajabcin rubuta minit ba.

Bari mu ƙaddara wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, misali ne kawai na ƙirƙira don a ga yadda abin ke tafiya. Daraktoci sun zauna ranar Talata. Batu na biyar a jadawalin zaman shi ne sayen injin tsince shinkafa daga ƙasar waje. Daraktan kuɗi bai raba takarda ba, ya karanto bayanin ne daga wani shafi da ke hannunsa. Aka tattauna, aka amince, aka tashi. Washegari sakatariyar kamfanin ta zauna tsara daftari, sai ta tarar ta rubuta farashin injin, dala 120,000, amma farashin canji da aka yi lissafi da shi bai shiga takardarta ba, jimillar kuɗin a naira ma ba ta shiga ba, haka nan kason da za a ciwo bashi daga banki.

Tana da hanyoyi masu sauƙi. Tana iya duba farashin dala na ranar Talata ta ninka da kanta. Tana iya leƙawa ofishin akanta ta tambayi wani yaro. Tana kuma iya rubuta cewa an amince da sayen injin, ta bar maganar kuɗi a dunƙule. Duk ukun kuskure ne. Lissafin da ta yi da kanta nata ne, ba na daraktoci ba. Akanta yana iya ba ta lambar da ke cikin kwamfutarsa, wadda wataƙila ba ita aka karanta a zaman ba. Ƙudurin da babu iyakar kuɗi a cikinsa kuwa tamkar an miƙa wa mutum cek ne da sa hannu ba adadi. Don haka sai ta rubuta wasiƙa, kuma ga irin yadda ya kamata ta kasance:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ina tsara daftarin minit na zaman daraktoci da aka yi ranar Talata. A ƙarƙashin batu na 5, sayen injin tsince shinkafa, na rubuta farashin dala 120,000, amma abubuwa uku ba su shiga rubutuna ba: farashin canji da ka yi lissafi da shi, jimillar kuɗin a naira da daraktoci suka amince, da adadin da za a ciwo bashi. Ina roƙon ka aiko mini da waɗannan alƙaluma kamar yadda ka gabatar da su a zaman, tare da kwafin takardar da ka karanta, domin a liƙa ta a jikin minit. Idan wani abu ya canza bayan an tashi, a rubuto shi daban. Zan miƙa daftarin ga shugaban daraktoci ranar Litinin, saboda haka zan so amsar ta iso kafin a tashi aiki ranar Juma'a. Na gode."

Gajeriya ce, amma kowace jimla tana da aikinta. Ta ambaci ranar zaman da lambar batun, don kada darakta ya ce wane zama. Ta faɗi abin da take da shi kafin ta faɗi abin da ta rasa, yadda idan dala 120,000 ɗin ma kuskure ce zai gani ya gyara. Ta lissafo abubuwan ɗaya bayan ɗaya, maimakon ta ce a aiko mata da alƙaluman injin, wanda zai iya jawo mata shafi ashirin da ba ta bukata. Ta sa wa'adi, ta kuma faɗi dalilinsa. Ba ta ɗora laifi a kansa ba, ko da yake da ya raba takardar tun kafin zama da duk wannan bai taso ba. Cewa ta yi abubuwan ba su shiga rubutunta ba, kuma gaskiya ta faɗa. Wannan ladabi yana da amfani, domin darakta yana gaba da ita a kamfani, sau da yawa ma ya haife ta, kuma mutumin da ya ji ana tuhumarsa yakan ja ƙafa wajen amsa.

Sai dai jimlar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce mai cewa "kamar yadda ka gabatar da su a zaman". A nan ne yawancin ɓarna ke shigowa, kuma galibi ba da mugun nufi ba.

Mu ce a zaman daraktan ya yi lissafi da naira 1,500 a kan kowace dala. Dala 120,000 ta zama naira miliyan 180, kuma a kan wannan adadi aka ɗaga hannu. Kafin Juma'a farashin canji ya motsa zuwa naira 1,560. Daraktan mutum ne mai son aiki daidai, sai ya ga ai bai kamata ya aika da tsohuwar lamba ba, ya sake ninkawa, ya rubuto naira miliyan 187 da dubu 200. A ganinsa ya taimaka. Idan sakatariya ta kwafe wannan cikin minit, littafin kamfani zai nuna cewa daraktoci sun amince a kashe ƙarin naira miliyan 7 da dubu 200 da ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa jin labarinta ba. Wataƙila da an faɗa musu za su yarda. Wataƙila kuma wani zai ce a nemi wani dillalin, ko a dakata. An ƙwace musu wannan damar, an kuma sa sunayensu a ƙarƙashin shawarar da ba su yanke ba. Minit tarihin awa biyu ne ko uku da aka yi a ɗakin taro, ba rahoton halin da kasuwa ke ciki yau ba.

To yaya za ta gane an aiko mata da sabuwar lamba? Shi ya sa ta nemi kwafin takardar da aka karanta. Za ta duba kwanan watan da ke jikinta. Za ta ninka da kanta ta ga ko farashin canji da jimilla sun yi daidai, ta kuma haɗa bashin banki da kuɗin da kamfani zai fitar daga aljihunsa ta ga ko sun cika jimillar. Idan amsar ta ce bashi miliyan 120 ne, kamfani zai ba da miliyan 60, amma jimilla ta ce miliyan 187 da ɗoriya, to akwai lambar da aka taɓa bayan zama. Sannan tana da nata rubutun hannu, da na shugaba idan yakan yi, da ƙwaƙwalwar sauran daraktoci.

Idan ta tabbata haka ne, sai ta rubuta miliyan 180 a cikin minit, domin ita aka amince. Sabon adadin kuma yana da tasa ƙofar. Ana iya sa shi a ƙarƙashin batun a matsayin ƙarin bayani bayan zama, a rubuta ƙarara cewa daga baya ya zo, da ranar da ya zo, kuma wannan sanarwa ce kawai, ba izinin kashe kuɗi ba. Izinin sai daraktoci sun bayar, ko dai a zama na gaba, ko ta rubutaccen ƙuduri da za a zagaya da shi kowane darakta ya sa hannu idan abin na gaggawa ne.

Akwai yanayin da ya fi wannan wuya. Wani lokaci sakatare yakan gano cewa lambar ba ɓacewa ta yi ba, ba a taɓa faɗarta ba ne. Daraktan ya ce ne kawai kuɗin zai kai wajen miliyan ɗari da wani abu, zai kawo cikakken lissafi daga baya, aka ce to. A nan babu gurbin da wasiƙa za ta cike. Abin da za a rubuta shi ne abin da ya faru: an gabatar da ƙiyasi, an amince bisa sharaɗin kawo cikakken adadi, an ɗora wa daraktan kuɗi kawo shi. Na san akwai masu ganin irin wannan rubutu yana nuna zaman bai yi tsari ba, su matsa a gyara shi ya yi kyan gani. Ban yarda da su ba. Ranar da masu binciken kuɗi suka tambayi takardar da aka dogara da ita, babu ita, kuma wanda ya tsara minit ɗin shi za a fara kira.

Idan Juma'a ta wuce shiru fa? Tunatarwa ɗaya ta isa, a rubuce, ko da an riga an yi magana ta waya, domin amsar baki ba ta shiga fayil. Bayan nan sai ta miƙa daftarin ga shugaba ranar Litinin kamar yadda ta faɗa, da gurbin a buɗe da alamar cewa ana jiran tabbaci daga daraktan kuɗi, ta haɗa da kwafin wasiƙarta. Shugaba yana da bakin da zai kira darakta ya ce, "Alhaji, ina alƙaluman nan?" Idan har aka kai zama na gaba ba su zo ba, wajen karanta minit ɗin baya za a warware maganar a gaban kowa, a cike gurbin da abin da waɗanda suka halarta suka tabbatar an faɗa, sannan shugaba ya ɗauki biro. Da zarar ya sa hannu kuma ba a komawa a kankare ko a sauya shafi. Duk kuskuren da aka gano daga baya sai a kawo shi gaban daraktoci, a rubuta gyaransa a minit ɗin zaman da aka yi gyaran.