Yadda Ake Tsara Ɗan Gajeren Bidiyon Fitilar Sola

Jama'a, in za ku nuna amfanin fitilar sola a bidiyo, ku zaɓi matsala ɗaya tak. Misali, an ɗauke wuta a Gyaɗi-Gyaɗi, yarinya tana aikin makaranta. Ku rubuta tsarin a takarda kafin ɗauka.

Daƙiƙa 10 na farko, a ga yarinyar tana fama da littafi a duhu. Sai uwarta ta kawo fitila. Kyamarar waya kan ƙara haske da kanta, don haka kada mai kallo ya ruɗu: yarinyar ta karanta layi biyu da ƙarfi.

Daga ƙarshe a nuna faifan a rana, an goge masa ƙura. A faɗi awannin da fitilar ta yi da kuka gwada ta, ba na jikin kwali ba.