Injin Burushi Ko Stifa: Wanne Ya Dace Da Ƙaramin Robot Mai Taya?

Ɗalibin da zai haɗa ƙaramin robot mai taya biyu yakan tarar da injina iri biyu a shagon kayan lantarki. Akwai injin burushi, ɗan rawaya nan da ake rubuta wa TT, sai kuma stifa, dunƙulen ƙarfe mai nauyi irin NEMA 17. Da yawa sukan ɗauki stifa don sun ji cewa ba ya kuskuren lissafi.

Dalilinsu ba ƙarya ba ne. Injin burushi wayoyi biyu gare shi. Ka ba shi wuta ya juya, ka sauya wayoyin ya juya baya, amma bai san zagaye nawa ya yi ba. Shi kuwa stifa taki-taki yake tafiya, galibi taki 200 ne zagaye ɗaya. Idan faɗin tayarka milimita 65 ne, zagaye ɗaya ya kai wajen milimita 204, wato kowane taki milimita ɗaya da 'yan kai. Kana son tafiyar mita ɗaya, sai ka umarci taki 980.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, taya na iya sulɓewa a kan tayil ko yashi, injin ya cika takunsa amma robot bai kai ba. Idan kaya ya yi nauyi ko aka tashe shi da gudu farat ɗaya, sai ya tsallake taki, kuma allon da ke sarrafa shi ba zai sani ba. Alamar ita ce ka ji yana gurnani yana karkarwa, taya ba ta motsi. Ga cin batir: stifa na jan wuta ko a tsaye yake, domin riƙe matsayinsa, shi ya sa yake zafi. Ƙarfinsa ma raguwa yake yi idan gudu ya ƙaru. Wannan duka a kan robot ɗin da zai goya batirinsa da kansa!

Injin burushi ma yana da nasa ciwon. Ba a cika samun biyu masu gudu daidai ba, sai ka ga robot yana karkata gefe guda. Burushinsa na lalacewa a hankali, tartsatsinsa kuma na iya rikita Arduino, amma ƙaramin kafasita tsakanin wayoyin injin yana rage wannan. Maganin karkata shi ne enkoda, ɗan faifai mai ramuka da ke ƙirga juyin taya, sai manhaja ta rage wa mai sauri wuta. Robot mai bin baƙin layi ma ba ya buƙatarsa, tunda layin ke gyara masa hanya.

Idan robot ɗinka zai yi zane a hankali a kan tebur mai laushi, ɗauki stifa. In yawo zai yi a tsakar gida da batir, sayi injin burushi mai giya, ka ƙara enkoda idan kuɗi ya samu.