Ranar Farko ta Mai Sabis a Babbar Dina

Duk mai zuwa dinar biki a manyan ɗakunan taro na Kano ko Kaduna ya san samarin nan masu farar riga da baƙin wando da ke ratsa tebura da tire a hannu. Masu sabis ake ce musu. Da yawansu ɗalibai ne ko masu neman na kashewa, ana ɗaukarsu aikin yini ɗaya a sallame su a daren. Ba kasafai ake koya wa sabo komai ba kafin ranar. Abin da zai koya, a cikin hayaniyar zai koye shi.

A ɗauki saurayin da ya fara yau, a bikin da aka buga katin mutum 500. Tun bayan La'asar yana goge faranti da cokula, yana jera ruwan roba. Oga ya yi lissafi a gabansu: mutum goma a kowane tebur, tebur 50 ke nan, masu sabis goma, kowa ya riƙe biyar. Nasa baƙin hamsin ne. Idan tirensa na ɗaukar faranti biyar, sawu goma zai yi tsakanin wurin zuba abinci da teburansa kafin kowa ya samu shinkafa, ba a zo maganar waina da miyar taushe da farfesu da zoɓo ba.

Tire kansa sai da dabara. Mai nauyi a tsakiya ake ɗora shi, tafin hannun hagu a ƙarƙashi, dama tana saukewa. Wanda ya kwashe kofunan gefe guda kawai, ɗaya gefen zai rinjaya, kuma zoɓo a kan farin leshi ba ya fita da ban haƙuri.

Amma ba tire ne ke kayar da sabon shiga ba, kira ne. Da amarya da ango sun zauna aka ce a fara rabo, sai hannuwa su tashi ta ko'ina. Wata Hajiya ta yafito shi: "Kai yaro, mu ba mutane ba ne?" Wani ya ja masa riga, ya ce a ƙaro nama. Shi kuwa an tarbiyyantar da shi kada babba ya kira ya wuce, sai ya ajiye faranti biyu nan, ɗaya can. Kafin minti goma ya rasa wanda ya ci da wanda bai ci ba. Mai baki ya karɓi biyu, tsohuwar da ke kusurwa, wataƙila ma gwaggon ango ce, tana zaune da ruwa kawai. Gobe abin da dangi za su riƙa faɗa shi ne an wulaƙanta su, kuma irin wannan magana takan daɗe tsakanin surukai.

Shi ya sa tsofaffin hannu ke da ƙa'ida ɗaya: ka gama tebur kafin ka taɓa wani. Mai kira a rusuna masa, a ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yanzu zan iso kanku," a ci gaba da layi. Wannan ba rashin kunya ba ne. Hanya ce ta tabbatar da cewa mai kawaici ma ya ci.

Sai kuma 'yan gayyar soɗi. Idan aka yi sakaci a ƙofa mutum 500 suka zama 700, abincin da aka dafa ba zai ƙaru ba. Mai sabis ne ke fara gani: kujeru 13 a teburin goma, mata tsaye a jikin bango. Aikinsa ya sanar da oga nan take, domin mai zubawa ya rage hannu tun kula tana cike. In ya yi shiru don tsoro, teburan baya shinkafa ba nama za su samu, ko su tashi haka nan.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. Kati ya ce ƙarfe bakwai, amarya ta shigo tara da rabi, abinci kuwa tun rana aka sauke. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60. Don haka ake kunna ƙaramar wuta a ƙarƙashin kwanonin ɗumama abinci, kuma a riƙa leƙawa ko ta mutu. Kunun aya ya fi komai saurin juyawa. Da ƙanƙara ta narke, robar ta kumbura ko ya fara tsami, bai kamata ya kai tebur ba.

Lokacin da ake liƙi a fili, shi yana kwashe faranti. Bayan an watse akwai ƙirgar cokula da kofuna, kuma a wurare da dama abin da ya fashe ko ya ɓata daga kuɗin sallamarsa ake cirewa. Sau da yawa sai a lokacin yake samun zama ya ci nasa, in an rage.

Mai karatu, in ka je dina ka ga yaro ya wuce ka da tire, duba teburin da yake kai, ka jira layi ya iso kanka. Masu biki kuma su sa mutum tsayayye a ƙofa, su ware wa masu sabis abincinsu tun kafin a fara rabo.