Daga hoton takardar maki zuwa jimillar aji: inda kuskure ke ɓuya

Makon ƙarshe na zangon karatu shi ne makon wahalar fom masta. Malamin kowane darasi yana gama makin nasa ya miƙo takarda, a zamanin nan kuma sau da yawa ba takardar ce ke zuwa ba, hotonta ne ke faɗowa a WhatsApp, wani lokaci da tsakar dare. Daga nan ya rage wa malamin aji ya kwashe makin kowane yaro a kowane darasi, ya zuba a babbar takarda ɗaya, ya haɗa jimilla, ya fitar da matsakaici, ya jera na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan ya cike katin sakamako.

Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta shigo da tsarin auna ɗalibi a kai a kai, makin darasi a Nijeriya ya daina zama lamba ɗaya. Wasu makarantun suna ba gwaje-gwaje 40, jarrabawa 60, wasu kuma 30 da 70. Mu ɗauki aji biyu na ƙaramar sakandare mai yara 52 da darussa 12, a makarantar da ake gwaji biyu, kowanne maki 20, jarrabawa kuma 60. Kowane yaro yana da lamba uku a kowane darasi. Idan aka lissafa, lambobi 1,872 ne za su bi ta hannun mutum ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ba abin mamaki ba ne malamai su nemi wayar ta karanta musu.

Wayar kuwa tana karantawa. Google Lens yana iya kwafo rubutun da ke cikin hoto, sai dai yakan zubo shi ne babu tsarin gidaje. Manhajar Excel tana da `Data from Picture`, wanda ke ƙoƙarin mai da hoton jadawali ya zama jadawali na gaske, kowace lamba a gidanta, har ya nuna maka gidajen da yake shakka a kansu ka gyara kafin ya zuba. A kan takardar da aka buga da na'ura suna ƙoƙari sosai. A kan rubutun hannu, wanda shi ne yawancin takardun makinmu, sai a hankali. Abin da ya kamata malami ya riƙe shi ne, haɗa jimilla ba shi ne wurin haɗari ba. Na'ura ba ta kuskuren tarawa. Abin da ka ba ta shi za ta tara, daidai ne ko ba daidai ba. Kuskuren yana shigowa ne a wajen karatu, kuma mafi muninsa shi ne wanda ya yi kama da gaskiya.

Rabin matsalar daga hoton take. Takardar da aka ɗauka a karkace, layukanta na nesa suna matsewa, sai makin yaro ya jingina da sunan na ƙasa da shi. A shimfiɗa takarda a kan tebur, a riƙe waya daidai samanta, a inuwar rana mai haske, ba tare da filasha ba, domin filasha yana wanke tawadar biro a tsakiyar shafi. Idan takardar doguwa ce a ɗauke ta kashi biyu, amma kowane kashi ya fito da layin sunaye. Wanda zai turo kuma ya turo ta hanyar `Document`, saboda WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma ƙananan lambobi su ne farkon abin da ke dushewa.

To, hoto ya yi kyau, an kwaso lambobi. Ga takardar Lissafi. Yaro mai lamba 14 ya ci 14 a gwajin farko, 17 a na biyu, 41 a jarrabawa, malamin Lissafi ya rubuta jimilla 72 da hannunsa a gidan ƙarshe. Amma malamin yana rubuta bakwai ɗinsa babu sandar tsakiya, sai waya ta karanta 17 a matsayin 11. Babu abin da zai ja ido a nan. Goma sha ɗaya cikin ashirin maki ne da kowane yaro zai iya ci. Jimilla ta koma 66, kuma a makarantar da A ke farawa daga 70, yaron ya sauka daga A ba tare da kowa ya sani ba.

Maganin wannan yana cikin takardar kanta. Malamai da yawa suna watsar da layin jimillar da malamin darasi ya rubuta, suna cewa ai na'ura za ta sake tarawa. A ganina wannan layin shi ne mafi daraja a shafin, domin shi kaɗai ne shaida ta biyu. A kwaso shi, a ajiye shi gefe, a tara sabo, a kwatanta. Idan lambar ɗalibi tana layin A, suna a B, gwaje-gwaje a C da D, jarrabawa a E, jimillar malamin darasi a F, sai a rubuta waɗannan a G, H da I, a ja su har ƙasa:

```
=SUM(C2:E2)
=G2-F2
=COUNT(C2:E2)
```

Layin H ya kamata ya zama sifili daga sama har ƙasa. Duk inda ba sifili ba, nan za ka buɗe hoto ka duba. Maimakon bin yara 52 ɗaya bayan ɗaya, sai ka bi 'yan kaɗan da suka fito. A gidan yaro mai lamba 14 za ka ga -6, kuma girman bambancin kansa yana faɗa maka abin da za ka nema. Shida yawanci 1 ne da 7 suka rikiɗe, ko 0 da 6. Biyar kuwa 3 ne da 8, ko 4 da 9. Idan bambancin yana rabuwa da tara, kamar 27, to duba ko lambobi ne suka juya, an shigar da 14 a wurin 41, kuma wannan ya fi faruwa idan mutum ne ya buga da yatsa. Wani lokaci za ka duba ka tarar waya ta karanta daidai, malamin darasi ne ya yi kuskuren tarawa. Nan ba naka ba ne ka gyara shiru. Kira shi, domin mai yiwuwa jimillar ce daidai, ɗaya daga cikin makin ne ya rubuta ba daidai ba, kuma takardun amsa suna hannunsa.

Layin I yana kama wani ɓarawon daban. Waya takan karanta 41 ta rubuta `4l`, wato huɗu da ƙaramin harafin L, ko ta sa harafin O a wurin sifili. A ido babu bambanci, amma a wurin Excel wannan rubutu ne, ba lamba ba, kuma `SUM` yana tsallake rubutu ba tare da ya ce uffan ba. Yaronmu sai ya tashi da 31, an cinye jarrabawarsa gaba ɗaya. `COUNT` lambobi kawai yake ƙirgawa, don haka duk inda ya nuna 2 maimakon 3, akwai gidan da ba lamba ba ce a ciki. Akwai ma alamar da ido zai iya gani: idan ba a taɓa tsarin gidajen ba, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Sai kuma duba mafi sauƙi, wato iyaka. Babu gwajin da zai wuce 20, babu jarrabawar da za ta wuce 60. Idan 17 ta zama 77, ko layin jadawali ya manne wa 8 ta koma 81, `MAX` a ƙasan kowane layi zai tona shi nan take.

Wanda ya fi duk waɗannan ɓarna shi ne zamewar layi, domin ba yaro ɗaya yake taɓawa ba. A ce yaro mai lamba 23 bai zo jarrabawa ba, malamin darasi ya bar gidansa fili. Idan aka kwafo layin jarrabawa a matsayin rubutu, filin ba ya biyowa. Lambobi 51 ne za su zo, a zuba su a gaban sunaye 52. Daga lamba 23 zuwa ƙasa kowa ya karɓi makin na bayansa, wanda bai zauna jarrabawa ba ya sami maki, na 52 kuma ya tashi babu komai. Kowace lamba an karanta ta daidai, amma yara 29 suna ɗauke da makin da ba nasu ba. Shi ya sa bayan kowace zubawa, abu na farko shi ne a kalli yaron ƙarshe, a tabbatar makinsa a waya shi ne makinsa a hoto, sannan a ɗauki ɗaya a tsakiya. Hanya mafi kyau ita ce a roƙi malaman darasi kada su bar gida fili, su rubuta `ABS` ga wanda bai zo ba.

Irin wannan zamewar tana faruwa kuma a lokacin haɗa darussa. Malamin Turanci ya bi jerin rijista, malamar Hausa ta jera sunaye yadda takardun amsa suka zo hannunta, wani kuma ya ƙara sabon ɗalibi a ƙasa da jan biro. A ajin da ake da yara uku masu suna ɗaya, biyu ma har sunan mahaifi ɗaya, suna ba abin dogaro ba ne. Lambar shiga makaranta ita ce abin bi. A jera kowace takarda da ita kafin a kwafa jimillarta zuwa babbar takarda. Fom masta mai dabara yakan buga jerin ajinsa tun farkon zango, da lamba da suna, ya raba wa malamai, sai takardu 12 su dawo da tsari ɗaya.

Idan jimillar darussa 12 ta hallara, sauran lissafin gajere ne, amma akwai hukuncin da na'ura ba za ta yanke maka ba. Gida fili da sifili ba ɗaya ba ne. `AVERAGE` yana tsallake gidan da babu lamba, amma yana ƙirga sifili. Ɗauki yarinyar da rashin lafiya ya hana ta darasi ɗaya, ta tara 715 a darussa 11, matsakaicinta 65. Wani ya tara 744 a darussa 12, matsakaicinsa 62. Idan da jimilla ake jera matsayi, shi ne a gaba. Idan da matsakaici ne, ita ce. Idan kuma aka sa mata sifili aka raba da 12, ta faɗo ƙasa da 60. Wannan doka ce ta makaranta, shugaban makaranta ko jami'in jarrabawa ne zai faɗa, kuma a bi ta iri ɗaya ga kowa. A manyan azuzuwan sakandare, inda yara ba sa ɗaukar adadin darussa ɗaya, jera matsayi da jimilla zalunci ne a fili.

Idan jimilla tana layin O, matsayi yana fitowa da wannan:

```
=RANK(O2,$O$2:$O$53,0)
```

Alamar `$` ita ke riƙe jerin a wuri ɗaya sa'ad da ake jan lissafin ƙasa. Idan aka manta da ita, kowane yaro da na ƙasa da shi kawai za a gwada shi, sai ka ga aji ya fito da na ɗaya fiye da guda, har yaron ƙarshe a jeri ma ya zama na ɗaya. Idan yara biyu suka yi kunnen doki a na 5, dukansu za su sami 5, mai bi musu ya zama na 7. Iyaye sukan zo tambayar ina na 6 ya shiga, don haka gara malami ya san amsar tun kafin ranar raba kati. Hotunan takardun kuma a adana su har zango na gaba, a wurin da ba kowa ke buɗewa ba, domin idan uba ya zo da ƙorafi a kan makin ɗansa, rubutun hannun malamin darasi za a nuna masa, ba abin da waya ta karanta ba.