Dubu Biyar Ta Yau Ta Fi Dubu Goma Sha Biyar Ta Gobe

Duk mai yi wa ƙungiyar matasa jawabi kan tanadi, ya kafa musu hujja da lissafin mutum biyu.

Na farko ya fara yana ɗan shekara 20, yana ajiye naira 5,000 duk wata. Na biyu sai da ya kai 40 ya fara, yana zuba 15,000. A ƙaddara jarinsu na kawo ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara, ana mayar da ita cikin uwar kuɗi.

Ranar da suka cika 60, na farko ya zuba miliyan 2.4, ya tarar da kusan miliyan 27. Na biyu ya zuba miliyan 3.6, amma abin da ya tara bai wuce miliyan 10 da kaɗan ba. Dalili kuwa, riba ma tana haifar riba, har kuɗin kan ninka kusan duk shekara bakwai.

Sai dai a gaya wa matasa gaskiya: riba ba tabbas ba ce, hauhawar farashi na rage darajar naira, kuma mai yawan taɓa ajiyarsa yana katse ninkin.